Neman Ƙarin Albashi: Abin da Ake Riƙewa a Hannu Kafin a Ƙwanƙwasa Ƙofar Manaja

Yawancin ma'aikatan kamfanoni a ƙasar nan, idan albashi ya daina kai su ƙarshen wata, da kuka suke shiga ofishin manaja. A gaisa, a tambayi iyali, sannan a sunkuyar da kai a fara lissafi: mai gida ya ƙara kuɗin haya, an koro yara saboda kuɗin makaranta, kuɗin mota ya ninka, uwargida ta kusa haihuwa. Duk gaskiya ne, manajan ma ya sani, domin kasuwa ɗaya suke zuwa. Idan mai tausayi ne sai ya sa hannu a aljihu, ko ya rubuta wa akanta a ba da rance a riƙa cirewa a hankali. Ma'aikaci ya fito yana godiya, albashinsa kuwa yana nan inda yake.

Dalilin a bayyane yake. Kuka taimako yake jawowa, shi kuwa taimako sau ɗaya ake yin sa a wuce wurin. Ƙarin albashi alkawari ne da kamfani zai ɗauka na biyan wani abu kowane wata har illa ma sha Allahu, kuma ba a ɗaukar irin wannan alkawari don tausayi. Ban da haka, a mafi yawan wurare manajan da kake gani kullum ba shi ne mai yanke hukunci ba. Akwai mai kamfani, ko babban manaja, ko sashen kula da ma'aikata, ko akanta mai riƙe da kasafin kuɗi. Manajanka zai hau sama ne ya yi magana a madadinka, a ɗakin da ba za ka shiga ba. Idan abin da ka ba shi labarin haya ne kawai, da ya faɗa za a ce masa kowa ma haya yake biya. Idan kuwa ka ba shi takarda mai shafi ɗaya da ke nuna abin da aikinka ya jawo wa kamfani, da alƙaluman da akanta zai iya dubawa a littafinsa ya tabbatar, to ka ba shi abin da zai tsaya a kai.

Ba wai tsadar rayuwa ba ta da muhalli a maganar ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, albashin da bai motsa ba raguwa yake yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'ana, wanda ke karɓar N180,000 a ƙarshen 2023 kuma bai samu ƙari ba, bayan shekara guda kuɗin nasa abin da kusan N133,500 ke saya a da suke saya masa. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000, amma wannan doka ƙasan albashi kawai ta tsayar. Wanda ke sama da wannan adadi, babu abin da ta wajabta wa kamfani ya ƙara masa, sai abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagonsu. Saboda haka tsadar rayuwa hujja ce ta neman gyaran albashin kowa da kowa, kuma ƙungiya ta fi cancantar ɗauko ta. Kai kaɗai idan ka shiga, tambayar da ke zuciyar manaja ita ce: me ya sa kai, ba sauran ba?

Katan ake ƙirgawa, ba naira ba

Bari mu bi wani misali daki-daki, da alƙaluman da aka tsara don bayani. Jami'in tallace-tallace ne a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, yana raba kaya ga 'yan kasuwa a Singa da kantunan unguwanni. Albashinsa N180,000 kafin a cire haraji da fansho, shekara biyu bai canza ba. Watanni bakwai da suka wuce shugaban rukuninsu ya bar aiki, aka ce ya riƙa kula da sauran jami'ai uku kafin a naɗa wani. Har yau ba a naɗa ba, ba a kuma ƙara masa ko sisi ba.

Abu na farko da zai zo masa a rai shi ne cinikin da yake kawowa. Bara yana sayar da kayan naira miliyan 40 a wata, bana ya kai miliyan 58. Ƙarin kashi 45 cikin ɗari ke nan, kuma yana da daɗin faɗa. Amma idan ya ɗora wannan a saman takardarsa, manajan da ya san aikinsa zai rushe shi da jimla ɗaya: ai kaya ne suka yi tsada. Kuma gaskiyarsa. Katan ɗin da ake sayarwa N10,000 bara ya koma kusan N13,500. Da ya ƙirga katan sai ya tarar daga 4,000 a wata ya koma 4,300, wato ƙarin kashi 7.5 kacal. Wannan ƙaramin adadi shi ne nasa na haƙiƙa, kuma shi ya kamata ya rubuta. Ba abin rainawa ba ne: a shekarar da mutane suka rage sayayya, wanda ya riƙe yawan kayan da yake fitarwa har ya ɗan ƙara ya yi aiki. Idan sauran yankunan kamfanin raguwa suka yi a wannan lokaci, sai ya ajiye adadinsa kusa da matsakaicin na kamfani, ba tare da kiran sunan abokin aiki ko ɗaya ba.

Wannan tarko na naira ya fi kama mutane a 'yan shekarun nan fiye da kowane lokaci, kuma illarsa ta wuce layi ɗaya. Da zarar manaja ya kama adadi guda da aka kumbura, ya daina yarda da sauran, ko da kuwa sahihai ne.

Da jami'in ya ci gaba da tono, sai ya gano cewa babban aikinsa ba a ciniki yake ba, a bashi yake. Duk wanda ya san harkar dillanci ya san kaya kan fita a kan amana, kuɗi su maƙale a hannun 'yan kasuwa. Lokacin da ya karɓi riƙon rukunin, bashin da ya haura kwana 60 ba a biya ba ya kai miliyan 14. Ya zauna ya rarraba masu bashin, ya tsayar da ba da sabon kaya ga wanda bai rage tsohon ba, ya yi da wasu su riƙa biya mako-mako, yana bin su da kansa ran Asabar. Yau bashin ya sauko zuwa miliyan 5. A nan ma akwai wurin taka-tsantsan. Miliyan 9 ɗin nan ba riba ba ce, kuɗin kamfani ne da suka dawo gida, kuma idan ya ce ya samo wa kamfani ribar miliyan 9 akanta zai gyara masa a gaban kowa. Abin da zai faɗa shi ne darajar dawowarsu. A Nuwambar 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Kamfanin da ke juya kaya da rancen banki, idan miliyan 9 suka dawo hannunsa, ya huta da biyan ruwan da ya kusa miliyan biyu da rabi a shekara. Wanda ba ya hulɗa da rancen ruwa kuwa ya samu jarin sayen katan sama da 600 da zai riƙa juyawa. Wannan lissafi ne da mai kamfani ke ganewa nan take.

Abu na uku shi ne riƙon da yake yi. Wata bakwai yana tsara wa mutum uku hanyoyin da za su bi, yana haɗa rahoton mako, yana halartar taron da shugaban rukuni ke halarta. Wannan ita ce hujjar ƙarin girma, domin ƙarin albashi da ƙarin girma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Mai neman ƙarin albashi yana cewa aikin da nake yi ya fi abin da ake biya na. Mai neman ƙarin girma yana cewa aikin matakin gaba na riga na fara yin sa, ga shaida. Daɗewa a wuri ba ta amsa ko ɗaya daga ciki. Shekara biyar a kujera ɗaya tana nuna haƙuri da riƙon amana, amma ba ta nuna mutum zai iya jagorantar wasu.

Abubuwa uku ke nan, kuma sun isa. Mai jera nasarori goma sha biyar yana binne manyan a cikin ƙanana.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk waɗannan alƙaluma ba za su samu ba idan sai daren da za a ga manaja aka fara neman su. Adadin da ya fi wuyar samu shi ne na farko, wato yadda abu yake kafin ka taɓa shi. Jami'in nan ya iya cewa daga miliyan 14 zuwa 5 ne saboda ranar da aka miƙa masa riƙo ya nemi akanta ya fitar masa da jerin masu bashi, ya rubuta jimlar da kwanan wata. Da bai yi haka ba, abin da zai iya faɗa kawai shi ne bashi ya ragu sosai, kuma "sosai" ba ta shiga kasafin kuɗi.

Hanyar ba ta da wuya. Ƙaramin littafi ko shafi a waya, kowace Juma'a ko ƙarshen wata a rubuta layi uku: me aka tarar, me aka yi, me ya fito, da inda za a duba a tabbatar. Wata shida zuwa shekara ana wannan kafin a buɗe baki. Saƙon yabo da manaja ya taɓa turowa, takardar da aka sanar da riƙo a cikinta, sakamakon tantance ma'aikata na ƙarshen shekara, duk a adana. Idan da baki aka ba da riƙon, kamar yadda aka saba, sai a tura gajeren saƙo a ranar: Yallaɓai, kamar yadda ka umarta, daga yau na fara kula da rukunin. Amsar "to, madalla" da zai dawo da ita ta zama shaidar ranar farawa.

Akwai iyaka da ya wajaba a kiyaye. Jerin sunayen abokan ciniki, farashin sari, takardun banki, duk dukiyar kamfani ce kuma amana ce. Ba a kwashe su zuwa wayar kai ko a kai gida. Jimla ake rubutawa, a nuna rahoton da ke ɗauke da ita a cikin ofis. Wanda ya zo neman ƙarin girma da hotunan takardun sirri a wayarsa zai iya fita da takardar tuhuma. Haka nan aikin da aka yi tare a faɗe shi a matsayin na tare. Bashin nan ba shi kaɗai ya karɓo ba, akwai jami'ai uku da direba. Ya ce ni na tsara, muka aiwatar. Manaja ya san wa ya yi me, kuma mai neman shugabanci da ya haɗiye ƙoƙarin na ƙasa da shi ya riga ya nuna irin shugaban da zai zama.

Wanda aikinsa ba ciniki ba ne kada ya ce ba shi da abin ƙirgawa. Mai kula da sito yana da giɓin da ake samu ranar ƙidayar kaya da yawan kayan da wa'adinsu ya ƙare a ajiye. Akawun kuɗi yana da kwanakin da ake ɗauka kafin a rufe lissafin wata. Malamar makarantar kuɗi tana da sakamakon ajinta a WAEC ko NECO da yawan ɗaliban da iyayensu suka bar su a makarantar. Kowane aiki akwai abin da ke lalacewa idan ba a yi shi da kyau ba, kuma a nan ma'auninsa yake.

Lokaci, adadi, da zaman kansa

Ingantacciyar hujja ma tana faɗuwa idan ta zo bayan an rufe kasafi. Kamfanin da shekarar kuɗinsa ke farawa a Janairu yakan tsara albashin baɗi tun a watannin ƙarshe na bana. Wanda ya zo a Fabrairu, idan aka ce masa babu a kasafi, sau da yawa ba ƙarya aka yi masa ba. A tambayi akanta ko wani tsohon ma'aikaci yaushe ake haɗa kasafin, a shiga wata biyu kafin nan. A kasuwancin mutum ɗaya, inda Alhaji ne kasafin kuma shi ne hukumar, lokacin da ya dace shi ne bayan an rufe lissafin kaka mai kyau, ba ranar da kaya suka maƙale a hanya ba. Kuma ba a tare manaja a bakin masallaci ko a wurin ɗaurin aure. A nemi ya ba da minti ashirin, a gaya masa a kan me, don kada ya ji an yi masa kwanton ɓauna.

Sai adadi. Da yawa sukan kawo hujja mai kyau, idan aka ce nawa kake so sai kunya ta kama su, su ce duk abin da aka ga ya dace. Wanda ya faɗi haka ya miƙa wuyansa ga mafi ƙanƙantar abin da za a iya bayarwa. Jami'in namu ya bincika ya san abin da matakin shugaban rukuni ke ɗauka a kamfaninsu da kuma a kamfanoni biyu masu irin harkarsu, ya tsaya a kan N230,000. Ya kuma yi wa manaja lissafin da manajan zai yi da kansa. Ƙarin N50,000 a wata N600,000 ne a shekara. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan ƙarin duka ya shiga waɗannan, kamfani zai ƙara N60,000 na fansho, jimla N660,000. A ajiye wannan kusa da miliyan biyu da rabi na ruwan da aka huta biya, magana ta tsaya da ƙafarta.

A zaman, bayan gaisuwa, abin da zai faɗa bai wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, na gode da lokacin da ka ba ni. Wata bakwai ke nan ina riƙe da rukunin nan. Ga abin da aka samu a takarda, kuma duk yana cikin rahoton akanta. Ina neman a tabbatar mini da muƙamin, albashi ya koma N230,000 daga Janairu." Daga nan ya miƙa takardar ya yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kuma a cikinsa ne mutane ke ɓata aikinsu, su fara rage adadin da kansu tun ba a ce komai ba, ko su koma labarin haya. Ladabi da bayyana buƙata ba sa karo da juna. Ana iya rusunawa a gaida babba sannan a faɗi adadi a fili.

Abu biyu ba a kawo su. Ba a cewa wane yana karɓar kaza alhali na fi shi aiki, domin zancen zai koma wa ya gaya maka, a bar aikinka a gefe. Ba a kuma barazanar tafiya sai da takardar wani aikin a hannu da niyyar tafiyar da gaske, domin akwai manajan da zai ce Allah ya kiyaye hanya.

Ba kasafai ake samun "na amince" a zaman farko ba, ba kasafai kuma ake samun "a'a" ƙarara ba. Abin da aka fi ji shi ne "bari mu gani" ko "za a duba, in sha Allahu". Wannan amsa tana iya zama gaskiya, tana iya zama sallama cikin mutunci, kuma ana bambance su da tambaya ɗaya: "Yallaɓai, me ya rage in cika, kuma yaushe zan dawo mu sake zama?" Mai niyya zai faɗi abu takamaimai, misali bashi ya sauka ƙasa da miliyan 3 kafin ƙarshen Maris, ko ya ce zai kai maganar taron wata mai zuwa. Marar niyya zai ce ka dai ci gaba da ƙoƙari. A ranar a tura saƙon godiya mai ɗauke da abin da aka tsayar da ranar da aka sa, domin manajoji na canzawa, kuma sabon da zai zo bai san alkawarin baki ba.

Wani lokaci tayin rabi ake yi, kuma a nan ake buƙatar natsuwa. Za a iya ba da muƙami ba kuɗi. Karɓarsa yana da amfani idan an rubuta ranar da albashin zai biyo baya, ko idan mutum na shirin neman aiki a wani wuri inda sunan muƙamin zai yi masa rana. In ba haka ba, an ƙara masa kaya ne kawai. Za a iya ba da kuɗin a matsayin alawus na kati ko na mai maimakon a zuba shi a albashi. Hannu zai ji shi daidai, amma irin wannan alawus ba lalle ya shiga lissafin fansho ba, kuma ya fi sauƙin janyewa ranar da kamfani ya shiga matsi. Idan babu kuɗin da gaske, ana iya neman kaso a kan bashin da aka karɓo, ko kamfani ya biya kuɗin jarrabawar ƙwarewa, amma a rubuce.

Ma'aikacin gwamnati hanyarsa daban ce, kada ya ɗauki duk abin da ke sama ya shiga ofishin darakta. A aikin gwamnatin tarayya albashi yana bin mataki ne, darakta ba shi da ikon ƙara wa mutum ɗaya. Ƙarin girma yana da wa'adi: shekara biyu ga mataki na 6 zuwa ƙasa, uku ga na 7 zuwa 14, huɗu ga na 15 zuwa sama, sannan ga jarrabawa ko tantancewa, ga kuma sharaɗin samuwar gurbi. Hujjarsa tana aiki ne ta fom ɗin tantance aikin shekara, wanda aka daɗe ana kira APER, da kuma fayil ɗinsa. Abin da ke hannunsa shi ne ya tabbata an cike fom na kowace shekara an sa hannu, takardun kwas da na yabo sun shiga fayil, sunansa kuma yana cikin jerin waɗanda wa'adinsu ya cika. Fom ɗin shekara guda da ya ɓata yana iya jinkirta mutum fiye da rashin ƙwazo.

Idan muka koma kamfani, akwai ranar da za a gane ko ƙofar a buɗe take. Jami'in ya cika sharaɗin, bashi ya sauka ƙasa da miliyan 3, ya dawo a ranar da aka sa. Idan aka kawo sabon sharaɗin da ba a ambata a baya ba, ya karɓa sau ɗaya, ya sake rubuta shi da kwanan wata. Idan aka sake matsar da shi karo na biyu alhali an ɗauko wani daga waje an ba shi kujerar, to amsar ta fito ko ba a furta ta ba. Daga nan shafin nan guda, da katan 4,300 da bashin da ya sauko da watannin riƙo, sai ya cire sunayen da ke sirrin kamfani ya mayar da shi cikin takardar neman aiki, domin tambayar farko da kamfani na gaba zai yi masa ita ce me ya yi a inda ya baro.